Takardar da Ta Sa Alhaji Ya Biya Kuɗin Jarrabawa

Ɗan yayata shi ne mai kula da kwamfutoci a wani kamfanin dillancin kayan masarufi a Kano. Kamfanin yana da babban sito da ofis a Sharaɗa, da kanti kusa da kasuwar Singa, da reshe a Dutse, ma'aikatansa kuma sun kai sittin. Wata ranar Asabar da yamma ya same ni a gida ransa a ɓace, ya miƙo mini takarda. Ya nemi kamfanin ya biya masa kuɗin jarrabawar CCNA, shaidar ƙwarewa da kamfanin Cisco ke bayarwa kan harkar haɗa kwamfutoci da juna, an dawo masa da takardar da kalma biyu a gefe da jan biro: a dakata.

"Kawu, shekara huɗu ina yi musu bauta. Dala ɗari uku ce fa kawai."

Na karanta takardar sau biyu. Ladabi ya ji a cikinta, babu laifi. Ya faɗi yadda ya daɗe yana burin samun wannan shaida, da yadda za ta ƙara masa ilimi ta buɗe masa ƙofofi, da yadda manyan kamfanonin duniya ke girmama mai ita, ya rufe da cewa kamfani ma zai amfana ƙwarai. Na shekara goma sha ɗaya ina aiki a ofishin kula da ma'aikata, irin waɗannan takardu kuwa na ga sun fi a ƙirga. Na ce masa, da ni ne Alhaji, abin da zan fahimta shi ne yaron nan yana son in saya masa tikitin barin kamfanina. Ƙofofin da ka ce za su buɗe, ina suke kaiwa in ba waje ba?

Ya yi shiru. Sai na tambaye shi, bara sau nawa netwok ɗinku ya tsaya har aka kira injiniya daga waje, kuma nawa aka biya shi? Ya ce da yawa dai. Na ce "da yawa" ba ta da gurbi a littafin akanta. Ka koma ranar Litinin ka roƙi akanta ya buɗe maka fayil ɗin baucan shekarar da ta wuce.

Abin da baucoci suka nuna

Yadda aikinsu yake, manhajar ciniki tana zaune ne a kan babbar kwamfuta a Sharaɗa. Kanti da reshen Dutse duk can suke shiga su buga rasit. Idan hanyar ta yanke, babu rasit, idan babu rasit mai gadi ba ya barin mota ta fita da kaya. To sai a kira wani injiniya mai zaman kansa, wanda ke karɓar naira 45,000 duk zuwa a cikin gari, 80,000 idan Dutse zai je.

Yaron ya kwana uku yana tona fayil. Ya samo bauca 14 a wata goma sha biyu: 11 na cikin gari, naira 495,000, da 3 na Dutse, naira 240,000. Jimilla 735,000. Shi kansa bai taɓa sanin kuɗin ya kai haka ba, kuma na tabbata Alhaji ma bai sani ba, domin kuɗin da ke fita dubu arba'in da biyar yau, dubu arba'in da biyar bayan mako uku, ba ya yi wa mai dukiya zafi sai ranar da aka tara masa shi wuri ɗaya.

Da murna ya dawo, yana cewa shi ke nan, zai rubuta cewa shaidar za ta tsirar wa kamfani da 735,000 duk shekara. Na ce kul. Wannan shi ne ramin da masu irin wannan takarda suka fi faɗawa bayan sun koyi saka lissafi. Duk wanda ya san aikin zai gane cewa ba kowace matsala ce karatu ke warwarewa ba, kuma da zarar an kama ka da ƙari a layi ɗaya, sauran layukan ma sun zama abin tuhuma. Muka zauna muka bi baucocin ɗaya bayan ɗaya, yana tuno abin da ya faru kowace rana. Uku na'ura ce ta ƙone, biyu saboda wuta ta zo da ƙarfi, ɗaya tsawa ce ta damina. Wannan sai an sayi sabuwa, ko da farfesa ne a ofishin. Biyu kuma laifin kamfanin da ke ba su intanet ne, masu gyaran titi suka tsinke waya. Saura tara, bakwai a gari biyu a Dutse, duk matsalar saiti ce, wato na'urorin lafiyarsu ƙalau, umarnin da ke cikinsu ne ya rikice. Kuɗin waɗannan tara ya kama naira 475,000. Wannan ne kaɗai abin da yake da haƙƙin yin magana a kai.

Uku daga cikin taran ma abu ɗaya ne ya maimaita kansa, kuma ya kamata a ji shi dalla-dalla, domin shi ya fi komai tasiri a takardar. A kowane netwok akwai na'ura ɗaya da aka ɗora wa aikin raba wa kwamfutoci lambar adireshi idan an kunna su. Sai wani ma'aikacin sito, don yana son wayarsa ta sami intanet a lungun da yake zama, ya zo da 'yar rawuta irin ta gida ya soka a jikin bango. Ita ma ta fara raba nata adireshin. Duk kwamfutar da ta karɓa daga wurinta sai ta ɓace, ta kasa ganin manhajar ciniki. Alamar abin ita ce wasu kwamfutoci na aiki wasu ba sa yi, kuma waɗanda suka lalace yau ba lalle su ne na gobe ba. Injiniyan kan zo, ya zagaya ya gano 'yar rawutar, ya cire, ya karɓi 45,000, ya tafi. Bayan wata biyu wani ya sake sokawa. Maganin dindindin kuwa saiti ne da ake yi wa suwic, akwatin da wayoyin ofis duka ke haɗuwa a cikinsa, a gaya masa daga ƙofa kaza kaɗai zai yarda a raba adireshi. Umarnin yana farawa da `ip dhcp snooping`, kuma yana cikin manhajar karatun CCNA. Ban ce injiniyan da gangan ya ƙi yi ba. Amma mutumin da ake biya duk zuwa ba shi da dalilin gaggawar toshe hanyar da ke kawo shi.

Ka ga yanzu an sami abin da takardar farko ta rasa: ga asara mai kwanan wata da lambar bauca, ga kuma darasin da ke maganinta a cikin abin da za a yi jarrabawa a kai. Duk mai neman kamfani ya biya masa kuɗin shaida, ko akanta ne mai son ICAN ko jami'in kare lafiyar ma'aikata mai son NEBOSH, wannan igiyar yake bukatar ƙullawa. Ya buɗe manhajar jarrabawar, ya ajiye ta gefen littafin asarar kamfani, ya ja layi daga wannan zuwa wancan. Idan ya duba bai ga inda layin zai bi ba, to shaidar tasa ce shi kaɗai, ya yi adashi ya biya abinsa.

A nan ma sai da muka yi 'yar gardama. Suwic ɗin Sharaɗa da na kanti na Cisco ne, na hannu da aka sayo, amma rawutar Dutse ta MikroTik ce, kamar yadda ake yawan gani a ƙananan kamfanoninmu saboda araha. Ƙa'idojin aikin ɗaya ne, umarnin da ake bugawa ne ya bambanta, kuma MikroTik na da tata shaidar, MTCNA. Da a ce na'urorinsu duka MikroTik ne, da na ce masa ya nemi waccan. Ya so ya ɓoye wannan magana. Na ce ya rubuta ta da hannunsa, domin idan Alhaji ya nuna wa injiniyan nan takardar, kuma zai nuna masa, wannan ce tambayar farko da zai yi.

Kuɗin gaskiya ya wuce dala ɗari uku

Jarrabawar, mai lamba 200-301, dala 300 ce. Minti 120 ake ba mutum, ana yin rajista ta hannun Pearson VUE, ba a sharɗanta wata shaida kafin a zauna ta, kuma idan an ci tana aiki shekara uku kafin a sabunta. Na ce masa ya rubuta kuɗin da dala, sannan ya faɗi canjin da ya yi lissafi a kai da ranar da ya duba. Wanda ya ga abin da ya faru bayan watan Yunin 2023, lokacin da aka saki naira, dalar da ke ƙasa da 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo, ba zai rubuta naira tsurarta ba a takardar da za ta iya yin wata biyu a kan tebur. Mun ɗauki 1,500, ya kama 450,000. Muka ƙara 30,000 saboda cajin banki da motsin canji, da sharaɗin abin da ya rage a mayar wa kashiya da rasit. Ajin ƙarshen mako na wata uku, inda zai taɓa na'urori na gaske, 180,000. Littafi da data ya ce shi zai ɗauka, gwaji kuma zai riƙa yi a gida da Packet Tracer, manhajar da Cisco ke bayarwa kyauta. Kuɗin da zai fita daga aljihun kamfani ya tsaya 660,000.

Akwai wani kuɗin da ba a gani, kuma masu rubuta takarda sukan yi kamar ba su san da shi ba: lokaci. Yana son hutun kwana biyar kafin jarrabawa. Albashinsa 220,000 ne, idan aka raba da ranakun aiki 22, kowace rana 10,000 ke nan, kwana biyar 50,000. Ya saka. Ya kuma faɗi wanda zai riƙe masa aiki a kwanakin, da cewa wayarsa a kunne take. Jimillar abin da kamfani zai ɗauka ta zama 710,000. Ya ɗan tsorata da ganin dala ɗari ukunsa ta kumbura haka. Na ce gara kai ka kumbura ta da akanta ya kumbura maka ita a gaban mutane.

Sai ɓangaren riba. Wanda ya ci jarrabawa jiya ba ya zama gwani yau, don haka a shekarar farko ya yi alkawarin shida kawai cikin matsaloli tara, biyar na gari ɗaya na Dutse, naira 305,000. Daga shekara ta biyu ya ɗauki taran duka, 475,000. Idan aka cire 305,000 daga 710,000 saura 405,000, wanda shekara ta biyu za ta cike cikin kamar wata goma. Wato kuɗin zai dawo cikin shekara ɗaya da wata goma, kuma a shekaru ukun da shaidar ke aiki kamfani zai tsira da 1,255,000 a kan 710,000 da ya kashe. Ba riba ce mai sa a yi guɗa ba. Amma ɗan kasuwar Kano ya san darajar ribar da za a iya bin sawunta.

Abu ɗaya na hana shi mayarwa naira, shi ne awannin da aka yi ana jira. Ya tattara daga saƙonnin waya cewa tsayawar goma sha huɗun nan ta ci awa 61. Ya so ya ɗauki cinikin rana ya raba da awanni ya ninka, ya fito da miliyoyi. Lissafin banza ne, domin yawancin cinikin ba ɓacewa ya yi ba, jinkiri ya samu, dillalin da ya jira awa huɗu a ƙarshe ya ɗauki kayansa. Wasu sun yi fushi sun tsallaka wani sito, amma babu mai iya cewa nawa ne. Na ce ya rubuta awa 61 kawai, ya ƙara da ranar da motoci bakwai suka yi layi a ƙofar sito tun hantsi har bayan la'asar. Alhaji ya tuna ranar, shi aka riƙa kira a waya. Zai yi wa awannin kuɗi da kansa, kuma kuɗin da ya sa musu ba zai musa ba.

Kuɗin da ke kwance a ITF

Akwai wata ƙofa da ma'aikata da yawa ba su san da ita ba. Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, wanda aka kafa a 1971 kuma hedkwatarsa ke Jos, yana karɓar kashi ɗaya cikin ɗari na albashin shekara daga kamfanonin da doka ta hau kansu. Gyaran dokar da aka sa wa hannu a 2023 ya mayar da ma'aunin kan kamfani mai ma'aikata 25 zuwa sama. Dokar ta kuma ba kamfani damar neman a mayar masa da har rabin abin da ya biya, idan ya horar da ma'aikatansa bisa sharuɗɗan hukumar. Kamfanin su yaron na biyan albashin kusan miliyan 9 a wata, miliyan 108 a shekara. Kashi ɗaya shi ne 1,080,000, rabinsa 540,000. Suna biya kowace shekara don su sami takardar shaidar biya, amma ba su taɓa neman ko kwabo ya dawo ba, saboda ba su taɓa horar da kowa a rubuce ba.

Duk da haka na ce kada ya saka wannan kuɗi a lissafin riba. Hukumar ce ke duba horon ta ga ko ya cika sharuɗɗanta, sai kamfani ya biya abin da ake bin sa, sai takardu da rasitai sun cika, kuma maganar a fara ta da ofishinsu tun kafin a shiga aji ta fi a je musu da rasit bayan an gama. Layi biyu ya rubuta: akwai yiwuwar wani ɓangare na kuɗin ya dawo ta wannan hanya, kuma a shirye yake ya raka akanta ofishin ITF su ji ƙa'ida. Ya bar shi a matsayin gyara, irin wadda mai awo ke ƙarawa bayan an cika mudu.

Maganar da Alhaji ba zai furta ba

Duk wannan lissafi zai iya yin daidai a kuma ƙi biya, saboda tsoro ɗaya: in ya samu ya gudu fa? Tsoron kuwa yana da tushe. Mai shaidar CCNA da shekara huɗu a bakin aiki, bankuna da kamfanonin sadarwa za su saurare shi. Mai kamfani ba zai ce maka haka ba, zai ce a dakata. Don haka kai ne za ka taso da maganar, ka zo da amsarta a hannu. Amsar ita ce yarjejeniyar da 'yan ofis ke kira bon: kamfani ya biya, kai kuma ka zauna wa'adi kaza, in ka tafi kafin nan ka mayar da kuɗi. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski.

Kada kowa ya ɗauka takardar wasa ce. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta tabbatar da irin wannan yarjejeniya, har a shari'ar matuƙan jirgin sama da kamfanoni suka horar, matuƙar wa'adin da kuɗin ba su wuce hankali ba. Saboda haka na fi ɓata lokaci a wannan sashe fiye da kowane, domin a nan ne yaro mai ɗoki ke sa wa kansa mari a ƙafa. Muka nemi bashin ya riƙa raguwa wata-wata. Idan wa'adin wata 24 ne a kan 660,000, kowane wata yana goge 27,500, wanda ya tafi bayan wata tara zai biya na wata goma sha biyar, 412,500. Ba tare da wannan sharaɗi ba, mutum zai iya yin wata ashirin da uku a ce ya kawo kuɗin cif. Muka nemi a rubuta adadin kuɗin a fili, kada a ce "duk abin da kamfani ya kashe", domin wannan jimla buhu ce marar gindi. Muka nemi idan kamfani ne ya rage ma'aikata ya sallame shi ba da laifinsa ba, babu bashi. Kuma wa'adin ya fara daga ranar da ya ci jarrabawa.

In ya faɗi fa? Ana faɗuwa, masu ƙoƙari ma na faɗuwa, kuma kowane sabon zama wata dala 300 ce. Ya rubuta cewa zama na biyu daga aljihunsa ne, cikin wata uku. Wannan layi ya fi rantsuwa goma nuna cewa da gaske yake. Batun ƙarin albashi kuwa na ce kada ya kusance shi a wannan takarda, kuma kada ya yarda a sa masa sharaɗin cewa ba zai nema ba. Magana ce ta wata rana, ranar da yake da wata shida na baucocin da ba a rubuta ba.

Shafi ɗaya da rabi

Da Turanci aka rubuta ta, kamar yadda aka saba a ofis, amma ga yadda farkonta yake idan an faɗe shi da Hausa:

"Ranka ya daɗe, ina neman kamfani ya ɗauki nauyin naira 660,000 da hutun kwana biyar domin in yi jarrabawar CCNA a watan Maris. A wata goma sha biyun da suka wuce mun biya injiniyan waje naira 735,000 a kira 14, aiki kuma ya tsaya awa 61. Tara daga cikin kiran, na naira 475,000, matsalolin saiti ne da wannan karatu ya ƙunsa. Bisa lissafina kuɗin zai dawo cikin shekara ɗaya da wata goma, kuma na yarda in sa hannu kan zama na wata 24."

Wanda ya karanta wannan kaɗai ya ajiye ya riga ya san abin da ake nema, da dalili, da abin da zai samu. Masu kamfani da yawa iyakar abin da za su karanta ke nan, a mota ko tsakanin baƙo da baƙo. Sauran shafin ya ɗauki kuɗaɗen da za a kashe, da abin da shaidar ba za ta magance ba, da sharuɗɗan yarjejeniya. Jerin baucocin da lambobinsu ya tafi a takarda ta daban a baya. Babu tarihin Cisco, babu kalmar buri ko ɗaya.

Hanyar da takarda ta bi ma tana da nata tasiri. Ta farko kai tsaye ya kai ta ofishin Alhaji, ya tsallake manajansa, shi kuwa manaja da aka tambaye shi ya ce bai san da maganar ba. Wannan karon ya fara kai wa manajan, a matsayin mai neman gyara. Manajan ya canza kalma biyu, daga nan takardar ta zama tasa, shi ya ɗauke ta ya shiga da ita. Akanta ma an nuna masa, ya kuwa kama kuskure: yaron bai saka kuɗin motarsa da abincinsa ba idan shi zai riƙa zuwa Dutse maimakon injiniya. Aka ƙara layi, ribar ta ɗan ragu, wata goman ya koma kusan goma sha ɗaya, aka gyara jimlar farko ma. Sun kuma jira farkon Disamba, lokacin da ake tsara kuɗin shekara mai zuwa, aka kauce wa makon biyan albashi, lokacin da ko ruwan sha ka nema za a ce a dakata.

Bayan kwana tara aka kira shi. Ya ce ya tarar da Alhaji da takardar baucocin a hannu, ba ma wasiƙar ba, yana bin ta da yatsa.

"Wannan na 'yar rawutar, sau uku muka biya?"

"Sau uku, ranka ya daɗe."

"Kuma kai za ka iya rufe shi gaba ɗaya?"

"In sha Allahu, ranka ya daɗe. Wanda tsawa ta ƙone ne ba zan iya ba."

Bai sami duk abin da ya nema ba. Alhaji ya ce kamfani zai biya 480,000 na jarrabawa da caji yanzu, kuɗin aji kuwa ya fara biya da kansa, a mayar masa ranar da ya kawo sakamako. Hutu kwana uku, ba biyar ba. Ya so wa'adin ya zama shekara uku, manaja ya nuna masa cewa kuɗin na dawowa kafin shekara biyu, aka tsaya a wata 24. Ya kuma ƙara sharaɗin da babu wanda ya yi tunaninsa cikinmu: yaron ya koya wa wani ma'aikaci a Dutse abubuwan farko da ake dubawa, ya kuma rubuta saitin kowace na'ura da kalmomin sirrinta a ajiye a ofishin manaja, don kada kamfani ya fita daga hannun injiniyan waje ya faɗa hannun na gida.

Dubu ɗari da tamanin ɗin ajin, uwarsa ta ba da rabi, ni na cika. Ya ce zai biya mu ranar da kashiya ta mayar masa. A bangon ɗakin na'urorinsu yanzu akwai littafi mai bangon kwali rataye da zare, duk ranar da netwok ya tsaya ana rubuta kwanan wata, da ƙarfe nawa ya tsaya, da ƙarfe nawa ya dawo, da wanda ya gyara. Manaja ne ke sa hannu a ƙarshen kowane wata.